Garantin mai shago ya ƙare, waya tana kashe kanta, in bari yaronsa ya buɗe ta?

Sadiq_Hotoro: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Na sayi sabuwar waya dal a kwalinta naira dubu 285 a wani shago nan Kano, mai shagon ya ce ya ba ni garantin sati biyu. Yau kwana 17 kenan, kuma tun shekaranjiya wayar ta fara kashe kanta tana kunna kanta, wani lokaci ina cikin kira sai kawai in ga tambarin kamfani ya fito, jiya kaɗai sau shida. Ba ta faɗi ba, ba ta taɓa ruwa ba, ko ledar gilashin ban cire ba. Na koma wurinsa ya ce garanti ya wuce da kwana uku amma saboda mutunci in kawo gobe yaronsa mai gyara ya yi mata filashin, in ba ta daina ba ya buɗe ya duba batir, kyauta. To ni abin da ya ɗaure min kai, a cikin kwalin akwai wata 'yar takarda da ta ce garanti wata 12. Wanne ne gaskiya, sati biyu ko shekara? Kuma in kai masa goben? Ba zan faɗi sunan shagon ko na kamfanin wayar ba don ba tozarta kowa na zo yi ba.

Injiniya_Bala: Wa alaikumus salam. Kar ka kai. Wallahi kar ka kai. Ka bari in sallami kwastoma zan yi maka bayani, amma kafin nan kar ka bari kowa ya sa mata sukundireba ko ya jona ta da kwamfuta.

Maman_Iman: Ni dai a nawa ganin tunda kyauta ya ce ai mutumin kirki ne, wasu ko kallonka ba za su yi ba in rana ɗaya ta wuce. Ka kai masa mana, me za ka rasa?

Injiniya_Bala: Hajiya abin da zai rasa shi ne wata 11 da rabi na garantin kamfani. Sadiq, duka biyun gaskiya ne, amma abu biyu ne daban kuma mutum biyu ne suka ba ka. Sati biyun nan alkawarin mai shago ne daga aljihunsa, ma'anarsa in ta ba da matsala a cikin kwanakin zai canza maka wata, shi kuma ya san yadda zai yi da dilansa. Wata 12 ɗin kuwa alkawarin kamfanin da ya ƙera wayar ne, ba ruwan mai shago da shi, ba shi ya bayar ba kuma ba shi da ikon cewa ya ƙare. Bambancin shi ne kamfani ba kasafai yake ba ka sabuwa ba, gyara yake yi kyauta da kayansa na asali, a cibiyar gyaran da ya amince da ita.

To ga inda matsalar take. Ni shekara tara ina gyaran waya, kuma ina gaya maka in na buɗe wayarka yau, wanda ke cibiyar kamfani zai gane cikin minti biyu. Bayan wayoyin yanzu da gam aka manne shi, sai an gasa shi kafin ya ɗago, in aka mayar gam ɗin kasuwa ake sawa kuma yana barin alama a gefe. A ciki kuma sau da yawa akwai wata 'yar farar sitika a kan ɗaya daga cikin ƙusoshin fanel, wato babban allon lantarki na cikin waya, ba yadda za ka kwance ƙusar ba tare da ka huda ta ba. Kan ƙusoshin ma yana nuna an taɓa juya su. Suna ganin haka za su rubuta an buɗe a waje, shikenan, ko da matsalar daga masana'anta ta zo kai za ka biya.

Sadiq_Hotoro: Innalillahi. To ai shi bai gaya min haka ba. Amma filashin fa Injiniya? Wannan ai ba buɗewa ba ne.

Abba_Root: Filashin ba ya karya garanti malam, ni na yi wa wayoyi sun fi ɗari. Sofwaya ce kawai, ka goge ka zuba wata, wa zai sani?

Injiniya_Bala: Abba rabin maganarka gaskiya ce. In mutum ya shiga saitin ya mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, ko ya karɓi sabuntawar da wayar ta kawo masa da kanta, wannan ba komai, su ma a cibiya shi suke fara yi. Amma filashin na kasuwa wani abu ne. Yaron zai sauko da fayil daga inda Allah ya nufa, wata sa'a na wata ƙasa ne, wata sa'a sai ya buɗe makullin da ke hana zuba baƙuwar sofwaya kafin ya shige. A Samsung ma akwai abin da suke kira Knox, in aka zuba sofwayar da ba tasu ba ko aka yi rutin, wani ɗan fiyus ne a cikin fanel yake ƙonewa, ba ya dawowa. In ka shiga Download Mode za ka ga layin da aka rubuta `WARRANTY VOID`, in `0x0` ne lafiya, in ya koma `0x1` to ko ka mayar da sofwayar asali haka zai zauna har abada, Secure Folder ma ya daina aiki.

Abba_Root: Eh wannan na Samsung na yarda. Amma in fayil ɗin asali na Samsung ka zuba da manhajar Odin ba ya taɓa Knox, na gwada ba sau ɗaya ba.

Injiniya_Bala: Haka ne, in na asali ne kuma hannun ya iya. Tambayata ita ce me zai sa Sadiq ya yi caca da dubu 285 a hannun yaron da bai sani ba, alhali akwai masu yi masa kyauta kuma in ta mutu a hannunsu su ke da asara? In ta mutu a hannun yaron shago, "Allah ya ba ka haƙuri" za a ce masa.

Usaini_Dila: Ni ɗan kasuwa ne, waya nake sayarwa a Farm Centre, bari in faɗi namu ɓangaren don na ga an fara yi wa mai shago kallon macuci. Ribar da muke samu a sabuwar waya wani lokaci ba ta wuce dubu biyar zuwa takwas ba. Ta ina zan ɗauki nauyin waya shekara guda? Shi ya sa muke cewa kwana bakwai ko sati biyu, iya abin da dila zai karɓa daga hannunmu kenan, shi ma sai kwali da caja da komai sun dawo lafiya babu ƙwarzane. Bayan nan ni abin da nake yi sai in kwatanta wa kwastoma cibiyar kamfani, in Tecno ce ko Infinix ko itel in ce ya je Carlcare, duk kamfani ɗaya ne ai, Transsion. In Samsung ce in tura shi wurinsu. Mai shagon Sadiq wataƙila taimako yake nufi, da yawa cikinmu ba su taɓa karanta takardar da ke cikin kwalin ba. Amma dai shawarar da ya bayar ba daidai ba ce, gaskiya ɗaya ce.

Zee_Kaduna: Ni tawa iPhone ce na saya Landan yus, an ba ni garantin wata ɗaya, a sati na uku batir ya fara zuba na mayar suka canza min ba musu. So ni a ganina garantin shago ya fi, ba dogon layi ba cika fom.

Nura_Zoo_Road: Zee maganar sabuwar waya ake yi. Landan yus ai garantin shagon ne kaɗai gatanki, na Apple shekara ɗaya ne kuma yawancinsu ya daɗe da ƙarewa kafin su iso nan. Amma kin tuna min wani abu, duk mai sayen iPhone da aka ce masa sabuwa ce ya ɗauki lambar siriyal ya sa a checkcoverage.apple.com tun yana tsaye a shagon. Sannan ya duba lambar model a cikin About, in ta fara da M sabuwa aka sayar da ita, F gyararriya ce daga kamfani, N kuma wadda aka ba wani a madadin tasa da ta lalace.

Injiniya_Bala: Mu dawo kan Sadiq. Rasit ɗinka me aka rubuta a kai? Karanto mana daidai yadda yake.

Sadiq_Hotoro: An rubuta sunan wayar da girman memori, sai kuɗi, sai kwanan wata, sai hatimin shago. A ƙasa kuma an buga cewa kayan da aka saya ba a dawo da su.

Injiniya_Bala: Babu IMEI kenan. To aikin farko gobe, ka je shagon amma ba don gyara ba. Ka danna `*#06#` lamba mai guda 15 za ta fito, biyu in mai layi biyu ce. Ka gwada ta da wadda ke jikin sitikar kwali, dole su zama ɗaya. Sai ka roƙe shi ya rubuta ta a rasit da hannunsa ya ƙara buga hatimi a wurin. Dalili, rasit ɗin da babu IMEI ba ya nuna cewa wannan wayar ce aka saya ranar, ana iya cewa na wata ce. Abu na biyu ka duba garantin da kanka, yawancin kamfanoni suna da shafi ko manhaja da za ka sa IMEI ta nuna maka ranar da zai ƙare. Ka yi yanzu ka gaya mana.

Barista_Hauwa: Wannan rubutun na ƙasan rasit ya tsaya min. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita. A ƙarƙashinta in kaya sun zo da aibi, mai saye yana da damar mayar wa wanda ya sayar masa cikin wata uku, shi kuma ya gyara ko ya canza ko ya mayar da kuɗi. Buga "ba a dawo da kaya" a rasit ba ya soke wannan. Wato sati biyun da ake ta faɗa al'adar kasuwa ce, ba iyakar haƙƙinka ba ce. A Kano ma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha da ake kai ƙorafi. Ban ce ka fara da ƙara ba, amma ka san kana da ƙafar tsayawa.

Usaini_Dila: Barista da girmanki, a takarda haka ne, amma in kowa zai dawo min da waya bayan wata biyu da rabi ai sai in rufe shago in koma gona. Ta yaya zan san ba shi ya jefa ta a bokiti ba? Kuma dilan da na saro wurinsa ba zai karɓa daga hannuna ba.

Barista_Hauwa: Alhaji dokar ba ta ce ka karɓi abin da mutum ya lalata da hannunsa ba, aibin da ya zo da kaya ake nufi. Kuma gyara yana cikin zaɓin, kana iya karɓa ka kai cibiyar kamfani da kanka ka bi masa. Abin da ba daidai ba shi ne a ce wa mutum "kwana uku sun wuce, ba ruwana".

Malam_Tukur: Ko a fiƙihu ma akwai zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka tarar bayan ciniki, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Allah ya sa mu dace da halal.

Issoufou_Maradi: Salam 'yan uwa. Ni tambayata daban ce kaɗan. Mu nan Maraɗi da yawa daga Kano ko Katsina muke sayo waya. In ta lalace garantin yana bi na har Nijar ko sai na dawo da ita Najeriya? Na taɓa kai wata nan aka ce mini ba ta kasuwarmu ba ce.

Nura_Zoo_Road: Issoufou ka taɓo babban rami. Garantin kamfani yawanci da yanki yake tafiya, ya danganta da inda kamfanin ya tura wayar tun farko. Mu ma nan abin yana cin mutane. Samsung wata 24 suke bayarwa a wayoyin da suka shigo ta hannun dilolinsu na Najeriya, amma a kasuwa za ka ga iri ɗaya sak ta fi araha da dubu ashirin ko talatin, ashe daga Dubai aka shigo da ita a jaka. Sabuwa ce, ba jabu ba ce, amma in ka kai cibiya nan suka sa IMEI sai su ga ba tasu ba ce. To a irin wannan sati biyun mai shago shi ne duk abin da ka mallaka. Shi ya sa ni kullum nake tambaya kafin in biya, "ta Najeriya ce ko ta Dubai?" kuma in ce a rubuta amsar a rasit. Kai dai Issoufou ka riƙa ajiye rasit da kwali, ka kuma tambayi cibiyarsu ta nan wurinku da IMEI tun wayar tana lafiya.

Sadiq_Hotoro: Jama'a na duba. IMEI ɗin waya da na kwali ɗaya ne alhamdulillah, kuma shafin ya nuna tana cikin garanti. Amma akwai abin da ban gane ba. Ranar ƙarewar da ya nuna in na lissafa baya wata 12, sai ya faɗa kusan sati biyar kafin ranar da na saya. Ni kuma a gabana aka yanke sil ɗin kwalin.

Abba_Root: An taɓa kunna ta kenan. Wani ya saya ya ga tana kashe kanta ya dawo da ita cikin sati biyunsa, aka sake manna sil aka sayar maka. Sil ai ana sayar da shi a kasuwa kamar gyaɗa.

Usaini_Dila: Abba kar ka yanke hukunci haka. Yana yiwuwa, ban musa ba, ana yi. Amma akwai diloli da ke kunna wayoyi su sa layi don kamfani ya ƙirga musu an sayar su cika adadin wata, sannan su mayar kwali. Mai shago ma bai sani ba sai ya saro. Wani lokaci kuma shafin daga ranar da kaya suka fita daga sito yake lissafi in ba a yi rajista ba.

Injiniya_Bala: Duk ukun suna faruwa kuma daga nan ba za mu iya sanin wanne ne ba. Abin da ya shafe ka Sadiq shi ne wannan ya ƙara wa rasit ɗin nan daraja, don da shi ne za ka nemi su lissafa daga ranar da ka saya, in babu shi da abin da kwamfutarsu ta nuna za su yi aiki. Kuma ka yi addu'a kar a ce wani ya riga ya buɗe ta kafin ta zo hannunka. Ka haska gefen murfin baya da tocila, ka bi shi zagaye, in ka ga gam ya ɓullo ko wani gefe ya ɗan ɗago fiye da sauran ka ɗauki hoto tun yanzu.

Kafin ka miƙa ta: ka kwashe hotuna da lambobinka don kusan tabbas za su goge komai, ka cire layi da memori, ka ɗauki bidiyon lokacin da take kashe kanta da wata wayar don irin wannan ciwon yana ɓuya in an je gaban likita. Ka ɗauki hoton gaba da baya a kan kantarsu. Kar ka bar wurin sai da takardar karɓa mai lamba wadda aka rubuta cewa jikinta ba fashewa.

Maman_Iman: To ni yanzu na fahimta, na janye maganata ta farko. Amma Injiniya maganar ruwa fa? Wayar maigidana an ce mana ba ta jin ruwa, yaro ya sa ta a baho minti ɗaya, bayan kwana biyu gilashi ya yi duhu, muka kai suka ce sai mun biya. Mun ji haushi sosai.

Injiniya_Bala: Hajiya wannan yana ƙona wa mutane rai kullum. Ko an rubuta IP68 a kwali, garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa, a takardar ma sun faɗa. A cikin waya akwai 'yar sitika fara da ke komawa ja ko ruwan hoda in ruwa ya taɓa ta, a wasu wayoyin in ka zare tiren layi ka haska ramin za ka hango ta. Ita suke fara dubawa. Kuma ba sai baho ba, na ga wadda ta yi ja saboda matar tana ajiye ta kusa da tukunya tururi yana bugunta, na ga ta ɗan acaɓa da ruwan sama ya jiƙa aljihunsa. Sadiq kai ma ka leƙa taka kafin ka tafi.

Nura_Zoo_Road: A ƙara da caja. In cajar dubu ɗaya ko wutar janareta ta ƙona wurin caji, suna ganin baƙin ƙuna a fanel, wannan ma ba sa ɗauka. Ni abin da har yau ban samu amsa ɗaya a kai ba shi ne tsagewar gilashi. In gilashi ya ɗan tsage a kusurwa sannan sifika ta mutu da kanta, za su gyara sifikar kyauta?

Injiniya_Bala: Na ga an gyara, na kuma ga an ce sai an biya kuɗin gilashi tukuna don ba za su iya buɗewa su rufe a kan fasasshe ba, na ga kuma inda aka ce faɗuwar ce ta kashe sifikar. Ya danganta da kamfani da wanda ka tarar a kanta.

Zee_Kaduna: Kun ga abin da nake faɗa, na kamfani sharuɗɗa sun yi yawa. Mai shago in kun saba ko a waya sai ku gama magana.

Sadiq_Hotoro: Ga yadda aka yi yau. Na je shagon, ya rubuta IMEI a rasit ba gardama, da na nuna masa maganar sati biyar ya rantse shi a rufe ya saro ta, ya ce zai tuntuɓi dilansa. Daga nan na wuce cibiyar kamfanin da kwali da rasit. Sun leƙa ramin layi sitika fara ce, sun kalli bidiyon, sun karɓa sun ba ni takarda. Sun ce za su fara da sofwaya, in ba ita ba ce fanel za su canza kuma sai an turo shi, in jira kira. Na tambayi maganar kwanan wata, yarinyar ta ɗauki hoton rasit ta ce za ta tura sama, ba ta yi min alkawari ba. Yanzu dai tsohuwar wayar ƙanina nake riƙe da ita.

Barista_Hauwa: Ka adana takardar nan da hoton shafin da ya nuna kwanan watan. In suka buɗe suka ce an taɓa buɗe ta, ka nemi su rubuta maka, da wannan rubutun za ka koma wa mai shago, kuma har yanzu kana cikin wata ukun.

Usaini_Dila: In haka ta faru ni ma ina bayansa, a kai maganar ga shugabannin kasuwa ma kafin a je hukuma, sun fi saurin sa mutum ya fito da kuɗi. Amma in fanel kawai suka canza ta dawo lafiya, ni ban ga abin da zai nema wurin mai shago ba kuma.

Abba_Root: Ni fa da ni ne ba zan yarda ba, kuɗin sabuwa na biya ba na wadda aka canza wa fanel a sati na uku ba. Sadiq in sun kira ka ka tambaye su ko IMEI zai canza, don in an sa sabon fanel lambar tana iya daina dacewa da ta kwali da rasit, in ta canza sai ka sa su rubuta sabuwar a takardar gyara.

Sadiq_Hotoro: Wannan ban yi tunaninsa ba sam, na rubuta shi a bayan takardar don kar in manta. Injiniya in sun canza fanel ɗin, garantin sabon lissafi zai fara ko ragowar na da zai ci gaba?